Mai Ƙirga Jariran Jini

Duk ɗalibin da aka turo koyon aiki ɗakin gwajin jini na asibitin nan, kafin ya san inda ake ajiye safar hannu ya riga ya ji labarin Anti Mai Shuɗi. Waɗanda suka gabace shi ne ke ba shi, kuma da gishiri suke bayarwa. Wai ta taɓa sa wani ɗalibi ya maimaita ƙirga tun safe har aka tashi aiki. Wai tana gane wanda ya yi ƙaryar ƙirga daga ƙarar ɗan ƙarfen da ake dannawa. Na farkon ƙari ne. Na biyun kuwa gaskiya ce, don wanda ke ƙirga da gaske hannunsa na tsayawa yana shakka, mai ƙarya kuma ƙas-ƙas-ƙas kawai yake yi kamar mai keken ɗinki.

Gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, da tabarau a rataye a wuya. Sunan ya samo asali ne daga farar rigarta ta aiki, wadda aljihunta na dama bai taɓa rabuwa da ɗigon rini ba. Ita ke tace shuɗin rinin da ake gwajin retik da shi, wato ƙirgar sababbin ƙwayoyin jini, ba ta yarda kowa ya tace mata, kuma rinin ba ya jin sabulu. Mijinta, wanda kafinta ne mai shago a bakin titin da ke bayan gidansu, yakan ce ya auri ma'aikaciyar asibiti aka kawo masa marina. Ita kuma ta ce gara ita, ai shi ko a miya sai an tsinci garin katako.

Ɗakin nata dogo ne, da benci mai farin tayil a jikin bango da madubin likita jere a kai, waɗanda ɗalibai ke kira maikuroskof. A ƙarshen ɗakin akwai injin da ke ƙirga ƙwayoyin jini cikin ƙiftawar ido. Injin na yin komai amma ban da retik, shi sai da ido. Anti ba ta taɓa jin haushin wannan ba. Ko kusa.

Ranar farko takan tara sababbin ɗalibai, ta ɗaga ƙaramin bututu mai jini, ta tambaye su inda aka ƙera abin da ke ciki. Wani zai ce zuciya, a yi masa dariya. Wani ya ce ɓargo. Sai ta ce to, tunda ɓargo a cikin ƙashi yake, ƙashi a cikin tsoka, ta yaya mutum zai san yana aiki ba tare da an huda ƙashin ba? Nan aji ke yin tsit, ita kuma nan take jin daɗinta.

"Jar ƙwayar jini wata huɗu take yi ta mutu," in ji ta. "Ke nan kullum sai kusan ɗaya cikin ɗari sun tafi, kullum kuma sai ɓargo ya mayar da madadinsu. Wadda ta fito yau ba ta gama wanka ba. Ta yar da ƙwayar tsakiyarta tun tana cikin ƙashi, amma akwai sauran kayan aikin da ta haɗa jan launinta da su, suna nan a cikinta kwana ɗaya ko ɗan fiye, kamar jaririn da cibiyarsa ba ta faɗi ba. Ita ce retik. In kun ƙirga jarirai, kun san ko ana haihuwa a gidan."

Daga nan sai ta nuna musu aikin da hannunta. Ɗigon jini da ɗigon rini daidai wa daida a ɗan bututu, a sa a wurin ɗumi irin ɗumin jiki kamar kwata na awa. Ba a busar da jinin tukuna, ba a kashe shi da komai, domin sai ƙwayar na da rai rinin ke shiga ya dunƙule wancan saura ya zama zare-zare da ɗige-ɗige masu duhun shuɗi. Kafin a shafa a gilashi sai an sake girgizawa, don jariran sun fi manya rashin nauyi, sama suke tasowa. A shafa siriri, a bari ya bushe, a ɗiga mai, a ƙirga jajayen ƙwayoyi dubu ana ware masu zare. A lafiyayyen baligi ba sa wuce biyar zuwa ashirin da biyar a cikin dubun.

Abin da ɗalibai ba sa mantawa shi ne yadda muryarta ke sauka in ta zo nan. Takan ce musu, daga lokacin da ta ɗaga bututun zuwa yanzu, kowannensu ya haifi ƙwayoyi miliyan nawa bai sani ba, don a kowace daƙiƙa sama da miliyan biyu ke fitowa daga ƙasusuwan mutum. Yana barci ana yi, yana gulma ana yi, yana faɗuwa jarrabawa ana yi. Sai ta girgiza kai ta ce, "Ikon Allah." Ta faɗi wannan a gaban rukuni bayan rukuni, har wasu da ta koyar sun zama shugabannin nasu ɗakunan, amma ba a taɓa jin ta faɗe shi da bakin sabo ba.

Tana da doka guda da ta gada daga wanda ya koya mata aiki, kuma shugaban ɗakin, wanda kowa ke kira Oga, ya riƙe ta shi ma. Ba ka ƙirga jinin naka. Ko na ɗanka, ko na mahaifiyarka, ko na wanda kake so. Dalilin a fili yake. A kowane gilashi akwai ƙwayoyin da ke kan iyaka, wata da ɗigo biyu marasa ƙarfi, wata da dattin rini da ya kwanta a kanta, wata da ƙyalli saboda gilashin bai bushe da kyau ba. Idon da ke fata zai ƙirga su duka, idon da ke tsoro zai zubar da su duka. Anti ta kori ma'aikata da yawa daga kan benci da wannan doka, cikin raha, tana ce musu su je su sha shayi. Ba ta taɓa tunanin yadda shayin ke ɗaci ba.

Ciwon mijinta kafinta bai zo da hayaniya ba. Da farko cewa ya yi ƙafafunsa na yi masa kamar yana taka auduga. Sai harshensa ya yi sumul yana masa zafi, ya daina son abinci mai yaji. Sai ya fara zama a kan bencin shago tsakanin yanka da yanka, shi da a da sai an yi faɗa yake ajiye zarto. Yana da ciwon sukari da ya daɗe yana shan magani, don haka komai sai a ɗora wa sukarin. Wata safiya ya fito tsakar gida yana alwala, hasken rana ya faɗa a tafin hannunsa, sai Anti ta ga fari fat da ɗan rawaya-rawaya. Ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza, gadon da ke kusa da taga. Da aka ɗebi jininsa, da kanta ta kai wa Oga bututun, ta ajiye a gabansa ta koma bencinta. Ma'aikata sun san na waye. Ɗalibai ba su sani ba.

Oga ya sa a injin, ya duba gilashi, sannan ya ba wani ɗalibi retik ɗin ya fara ƙirgawa kafin shi ya maimaita. Ɗalibin dogo ne ƙwarai, sai ya lanƙwasa kamar ƙugiya yake kai ido ga madubi, shi ya sa 'yan ajinsu ke ce masa Zangarniya. Yaro ne mai ƙoƙari, matsalarsa ɗaya, yana son ya kawo labari mai daɗi. Da ya gama, maimakon ya koma wurin Oga, sai sabo ya kawo shi wurin Anti, da bututun a hannu.

"Anti, wannan dai lafiya lau. Sha biyar cikin dubu, ɗaya da rabi cikin ɗari. Daidai yake da na littafi."

Idonta ya sauka kan sunan da ke jikin bututun. Ta ɗauke shi da sauri. Ɗalibai biyar na kallonta, suna jiran abin da ta saba yi, don haka ta yi shi.

"Pisibinsa nawa?"

Pisibi shi ne awon yawan jajayen ƙwayoyi a cikin jini, kason da suka cika in an tace su ƙasa. Zangarniya ya leƙa takarda. "Sha takwas."

"Na lafiyayyen namiji fa?"

"Wajen arba'in da biyar."

"To mutum ya rasa fiye da rabin jininsa, kai kuma ka ce ɓargonsa lafiya lau don yana haihuwa kamar na wanda ba abin da ya same shi. In gida na cin wuta ka ga maigidan yana takawa a hankali kamar mai zuwa ɗaurin aure, za ka ce lafiyarsa ƙalau?"

Ɗalibai suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ja allo ta rubuta. Ta ce ɗaya da rabin nan kaso ne na abin da ya rage, kuma abin da ya rage kaɗan ne, don haka sai an gyara lissafin: a ninka da sha takwas, a raba da arba'in da biyar. Wata ɗaliba da ba ta rabuwa da kujerar gaba, wadda ake kira Lauya saboda gardama, ta riga kowa. Bai kai ɗaya ba, sifili da ɗigo shida ne.

"Ba a gama ba," in ji Anti. "In jini ya yi ƙasa haka, ƙoda ce ke fara ji. Sai ta aika wa ɓargo saƙo ya ƙara wuta, shi kuma ya riƙa sako jarirai tun ba su isa fita ba. Irin waɗannan sukan yi kwana biyu ko fiye da zarensu a jini, kai kuma ka ƙirga na jiya da na shekaranjiya kana zaton na yau ne. Sai a sake rabawa da biyu da rabi. Me ya rage?"

"Kusan babu," in ji Lauya a hankali.

"Kusan babu. Mai wannan pisibin, in ɓargonsa na amsawa, sai ya ninka aikinsa sau biyu, sau uku, har fiye. Wanda jini ya zuba masa haka za ku gani bayan 'yan kwanaki. Wanda ƙwayoyinsa ke fashewa haka za ku gani, gilashi cike da zare. In ba ku gani ba, matsalar a gidan haihuwar take. Ko dai kayan aiki sun ƙare masa, sinadarin ƙarfen jini ko bitamin, ko ƙoda ba ta aika saƙon ba, ko kuwa shi kansa ɓargon ne ya lalace."

"To wanne ne a nan, Anti?"

"Retik ba ya faɗa maka wanne. Ya dai ce maka an kira ba a amsa ba." Ta ajiye alli. "Kai wa Oga. Ba aikina ba ne."

Ta fita baranda ta tsaya.

Likitar jinin mace ce mai magana a miƙe, kuma sun daɗe suna aiki tare da Anti, don haka ba ta yi mata kwana-kwana ba. Ta ce jajayen ƙwayoyin manya ne masu siffar ƙwai, wasu fararen ƙwayoyin jinin kuma ƙwayar tsakiyarsu ta rarrabu fiye da ƙima, ga ƙafafu ga harshe, ga maganin sukarin nan da kan hana jiki tsotsar bitamin B12 in an daɗe ana sha. Duk wannan na nuna rashin bitamin ɗin. Amma fararen ƙwayoyin sun yi ƙasa, masu tsayar da jini ma sun yi ƙasa, kuma a shekarunsa akwai ciwon ɓargo da ke zuwa da irin wannan kama. An ɗebi jinin awon bitamin an aika wani babban ɗakin gwaji, sakamakon zai jima. Ba za ta jira ba, za ta fara masa allura yau. Ba za ta ƙara masa jini ba tunda zuciyarsa na ɗauka, kuma jinin da ya daɗe yana raguwa a hankali ba a cika shi da gaggawa.

"In rashin bitamin ne, ɓargon na nan cike, yana ta haihuwa suna mutuwa a ciki kafin su fito," in ji likita. "Da ya samu abin da yake nema za ki ga retik ya tashi cikin mako. In mako ya wuce shiru, sai mu huda ƙashi."

Anti ba ta bukatar a ƙarasa mata. Ita ke shafa ɓargon da ake hudowa a gilashi. Ta san fuskokin waɗanda aka huda aka samu wancan ciwon, ta san yadda suke dawowa ƙarin jini wata bayan wata, sannan mako bayan mako, sannan a daina ganin bututunsu.

Talata aka fara allurar. Ran Alhamis Oga ya sake ƙirgawa, ya zo ya tsaya a bayanta ya ce, "Yana nan yadda yake. Kin san da wuri ne." Ta ce ta sani. Ta koyar da wannan sau ba adadi, cewa ƙwaya na bukatar kwanaki kafin ta girma ta fito.

A gefen gado kuma ga Yaya, babban wan kafinta, tsohon direban babbar mota mai murya kamar yana magana daga wancan gefen titi. Shi ya riƙe kafinta bayan rasuwar mahaifinsu, don haka har yau yaro yake ganinsa. Ya kasa gane asibitin da aka ce mutum ba shi da jini, kuma aka ƙi ƙara masa.

"Ga ni, ga 'ya'yana uku a waje, kowa jininsa ya ishi mutum biyu. A ɗiba mana. Ke da kike cikinsu, ba za ki yi magana ba?"

"Yaya, a ƙara haƙuri. So ake a ga ko nasa zai taso da kansa."

"A gani a ina? Ni dai ga idona, yadda na kawo ƙafa na same shi haka yake."

Kafinta ya ɗaga hannu daga kan filo. "Yaya, bar ta. Ita jarirai take ƙirgawa. Shekara da shekaru ina jin labarinsu a gida, ashe ni ma ina da su."

"Kana da su kaɗan," in ji Anti. "Rowa kake yi."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Ran Juma'a ya ce jikinsa ya yi sauƙi, ya cinye abincin da 'yarsu ta kawo, har ya nemi ƙari. 'Yar ta yi murna, Yaya ya sassauto. Anti ta ƙi sakin ranta. Ta sha ganin marar lafiya ya warware don kawai an kewaye shi ana kula da shi. Asabar da Lahadi ta yi su a kujerar roba kusa da gadon, tana yanke masa farce, tana kallon fatar da ke ƙarƙashinsu, fara kamar takarda. Wani lokaci sai ta kama kanta tana kallon ƙirjinsa da ƙugunsa, inda ɓargon babban mutum ke aiki, kamar in ta dage za ta hango ciki. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ba wanda za ta gaya wa, don kowa a gidan ita yake kallo ya san ko ya kamata ya ji tsoro.

Ran Litinin da safe aka kawo bututun. Zuwa lokacin ɗalibai sun ji ko jinin waye, don a asibiti magana ba ta kwana. Da ta shigo suka gaishe ta a ladabce fiye da kullum, abin ya ba ta haushi. Oga ya ce Zangarniya da Lauya kowa ya haɗa nasa gilashin ya ƙirga dabam, ba mai leƙa na wani, sannan shi ya yi na uku. Ya juyo ya dube ta.

"Hajiya, je ki sha shayi."

Ba ta je ba. Ta ja kujera bakin ƙofa ta zauna, ta juya musu baya, tana fuskantar baranda inda masu jiran sakamako ke zaune a kan dogon benci. Ba ta taɓa zama ta wannan gefen ba. Daga nan ba a ganin komai, sai dai a ji. Ta ji an buɗe wurin ɗumi an rufe. Ta ji shiru mai tsawo. Ta ji an girgiza bututu, a ranta ta ce madalla, ba su manta ba. Ta ji ƙarar gilashi a kan gilashi.

Sai ƙirga ta fara. Kowane ɗalibi na da ƙarfen dannawa biyu, na hannun hagu na dukkan jajayen ƙwayoyi, na dama na masu zare. Na hagu ya kama tafiya. Ta saba jin na dama jefi-jefi, sau ɗaya a dogon lokaci, kamar ɗigon famfon da bai rufu ba. Ƙas. Ta riƙe numfashi. Ƙas. Ƙas-ƙas. Ta ce a ranta Zangarniya ne, yaron nan mai son labari mai daɗi, dattin rini yake ƙirga mata. Amma sai ta ji na Lauya daga ɗaya gefen, Lauya da ba ta yarda da ɗigo sai ta juya madubi sama da ƙasa ta tabbatar ba ƙyalli ba ne. Nata ma yana tafiya. Yana tsayawa, yana shakka, yana ci gaba.

Wata tsohuwa da ke kan bencin jira ta leƙo fuskar Anti ta ce, "Sannu, 'yar nan. Ke ma naki ake dubawa?" Anti ta ce eh.

Oga ya fi su daɗewa, don shi ba ya gaggawa ko gobara ake. Da ya gama ya karɓi takardun ɗaliban ya haɗa da tasa, ya rubuta, ya sa hannu. Sannan ya ce, "Zangarniya, faɗa mata. Yadda ta koya maka."

Yaron ya miƙe tsaye. "Ɗari da tamanin cikin dubu, Anti. Sha takwas cikin ɗari. Nawa ya ɗan fi haka, na Lauya ya ɗan gaza, na Oga ne a tsakiya. Pisibi ashirin. In an gyara ya zama takwas. In an sake rabawa da biyu da rabi, ya haura uku." Ya ɗago kai. "An kira, ya amsa."

"Na sa hannu, ya zama na asibiti," in ji Oga. "Yanzu kina iya gani."

Ta taso a hankali, ta sa tabarau ta cire, ta zauna a kujerar Oga ta kai ido. Ta ga retik mai yawa a rayuwarta, a jinin masu sikila da na matan da suka zubar da jini wurin haihuwa. Amma ba ta taɓa ganin na mutumin da ta san yadda yake tari da asuba ba. Fili ne mai launin kore-kore da shuɗi, ƙwayoyi a warwatse da tazara a tsakaninsu don har yanzu jinin kaɗan ne, kuma duk inda ta juya ga su. Manya-manya, wasu zaren ya dunƙule a tsakiyarsu kamar ƙullin ulu, irin waɗanda ko a jinin lafiyayye ba a ganinsu don ba su isa fita ba. Ta matsa gaba, ga wasu. Ta sake matsawa, ga wasu. Ƙashin da ya yi wata da watanni yana haihuwa yana binnewa a cikin duhu, ba wanda ya sani, an ba shi ɗan abin da bai cika cokali ba, ya tashi ya ninka aikinsa cikin 'yan kwanaki. Ba wanda ya koya masa, ba wanda ya roƙe shi. Ta daɗe a haka, har gilashin madubin ya yi hazo ta ɗago ta goge shi da gefen mayafi.

Ɗalibai sun kewaye ta ba mai motsi. Ta ga ya kamata ta ce wani abu na koyarwa.

"Ku duba pisibin," in ji ta. "Daga sha takwas zuwa ashirin, kusan bai motsa ba. Wanda ya kalli wannan kaɗai zai ce magani bai yi ba. Retik ke riga kowa. Zai kai ƙololuwa a 'yan kwanakin nan ya fara sauka, jinin kuma ya riƙa hawa a hankali, sai nan da wata biyu ya cika. In ya tsaya a hanya, ku nemi ƙarfen jini, don mai gini da sauri haka yakan cinye abin da ya tara." Ta tashi daga kujerar. "Ku zo ɗaya bayan ɗaya. Ku kalla da kyau, ba kullum ake samun wannan ba."

Likita ta karanta sakamakon a tsaye a baranda, ta ce ba za a huda ƙashi ba. Za a ci gaba da allura, a riƙa duba gishirin jininsa don kada ya faɗi yayin da ɓargon ke wannan gudu, ƙafafun kuma za su fi jinin jinkiri, wataƙila ma ba za su dawo duka ba. Anti ta ce ta ji, ta gode.

Ta tarar da Yaya a kujerar roba yana fifita da murfin kwali. Kafinta na kwance ya juya fuska ga taga, fari kamar yadda ta bar shi, leɓunansa ba launi. Yaya ya dube ta ya dubi ƙaninsa.

"To? Ni dai ban ga abin da ya canza ba."

"Ba za ka gani ba tukuna, Yaya. Amma ya taso. Nasa ne, da kansa."

Yaya ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya ga fuskarta. Ya ajiye kwalin, ya tashi ya fita baranda da sauri, yana gyaran murya.

Ta zauna a bakin gadon. Kafinta ya juyo, ya daɗe yana kallonta.

"Kin gan su da idonki?"

"Na gan su."

"Suna da yawa?"

Ta so ta ba shi lissafin, sha takwas da takwas da uku, amma ta fasa. Sai ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar ƙirjinsa, a kan ƙashin, ta bar shi a nan. Ya ɗora nasa a kai, mai kaushi da tabon zarto, har yanzu da sanyi.

"To ki daina kuka mana," in ji shi. "Mutane za su ɗauka mutuwa zan yi."